Ambaliya Ba Ta Wanke Bashi

Da zarar an shiga watan Satumba, kogin Haɗeja ya tumbatsa, Binuwai ya fara cin gaɓarsa, sai wata irin wasiƙa ta soma yawo tsakanin ofisoshi da kasuwanni. Ba ta wuce layi huɗu ko biyar. Cewa take yi saboda ambaliyar da kowa ya gani, kamfaninmu ba zai iya kawo kayan da ya yi alkawari ba, abin ya fi ƙarfinmu, muna fatan za a yi mana uzuri. Wanda ba shi da lauya ma ba ya wahalar da kansa da rubutu. Waya zai ɗaga ya ce, "Alhaji, ai ka ga abin da ya faru, ikon Allah ne, sai haƙuri." Kuɗin kafin alƙalami da ya karɓa kuwa, ko da wasa ba zai ambace shi ba.

Na gaji da jin wannan magana. Komai ikon Allah ne, har da ribar da mutum ya ci a bara bai kira kowa ya raba da shi ba. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara, shi ne ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari. Wanda ya cinye dukiyar ɗan'uwansa ya jingina wa ruwan sama, ya yi laifi biyu: ya ci amana, kuma ya ari sunan Ubangiji ya rufe ta da shi. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne yawancin waɗanda ake yi wa haka shiru suke yi, don sun ɗauka doka tana bayan mai uzurin. Sau da yawa ba ta bayansa ko kaɗan.

A Nijeriya, inda muka gaji tsarin shari'ar Ingila kan ciniki, babu wata doka da ta ce duk wanda ambaliya ko yajin aiki ya rutsa da shi ya kuɓuta daga alkawarinsa. Abin da lauyoyi ke kira fos majo sharaɗi ne kawai da masu ƙulla yarjejeniya suke rubuta wa kansu. In an rubuta shi, iyakar abin da ya faɗa ita ce iyakarsa. In ba a rubuta ba, babu shi. Sai dai mutum ya koma ga wata ƙa'ida mai tsananin ƙunci, wato rushewar yarjejeniya, wadda kotu ba ta yarda da ita sai abin da ya faru ya sa cikawar ta gagara ɗungurungum, ko ya mayar da ita wani abu dabam da wanda aka ƙulla. Irin wannan ce Kotun Ƙoli ta amince da ita a 1978 a shari'ar Araka da kamfanin Monier, kan hayar gida a Fatakwal da yaƙin basasa ya kori mazaunansa. Yaƙi ke nan. Tsadar kaya da wahalar hanya ba su kai nan ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan bambanta da mu, domin dokarsu mai asali daga Faransa ta tanadi wannan uzuri ko ba a rubuta ba, amma su ma da sharaɗin abin ya zo daga waje, ba a iya hango shi ba, kuma ba a iya kauce masa ba. Ɗan kasuwar Kano da ke ciniki da Maraɗi ya kamata ya san dokar wace ƙasa ce ke kan takardarsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan, don maganar ba ta fito fili sai da lissafi. Mu ƙaddara mai injin casar shinkafa a Kano ya ƙulla da wani dillali a watan Yuli: zai kawo masa shanshera tan 600, wato tirela 20 mai ɗaukar tan 30, kafin ƙarshen Oktoba, kan naira dubu 400 kowane tan. Jimla miliyan 240. An ba shi kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, miliyan 72. A takardar akwai sharaɗin da ya ce idan ambaliya, gobara, yaƙi ko yajin aiki ya hana ɗayansu cika alkawari, to ya sanar da ɗan'uwansa a rubuce cikin kwana 7, za a dakatar da aikin har abin ya wuce, in ya zarce kwana 60 kowa na iya janyewa. A tsakiyar Satumba ruwa ya shafe fadamun Auyo da kewayen Haɗeja. Shanshera ta haura zuwa dubu 500. Dillali ya yi gum har mako biyar, sai da aka dame shi da waya sannan ya aiko da wasiƙar nan mai layi huɗu.

Ambaliya tana cikin jerin, wannan gaskiya ne, kuma da ita dillali zai riƙa ɗaga murya. Amma sharaɗin bai ce "idan an yi ambaliya" ba. Cewa ya yi idan ambaliya ta hana. Tsakanin waɗannan biyu nan ne dukan shari'ar take. Me dillali ya yi alkawarin kawowa? Shanshera tan 600. Takardar ba ta ce shinkafar Auyo ba, ba ta ce ta gonarsa ba. A wannan watan akwai shanshera a Kura, akwai a Kebbi, akwai a Taraba, kuma tireloli suna tafiya. Ruwa bai hana shi kawowa ba, ribarsa ya cinye, ya kuma ɗora masa asara. Dole ya sayo a dubu 500 ya miƙa a dubu 400. In ya ƙi, mai inji zai saya a kasuwa ya bi shi bambancin: dubu 100 sau 600, miliyan 60, ban da miliyan 72 da ke hannunsa. Da farashi faɗuwa ya yi zuwa dubu 300, da wannan dillalin ne zai fara ɗaga takardar sama yana cewa alkawari kaya ne. Amfanin yanke farashi tun Yuli ke nan, kowa ya ɗauki kasadarsa.

Wannan ba sabuwar magana ba ce, kuma shari'ar da ta fi shahara a kanta, a kan gyaɗa aka yi ta. A 1956 kamfanin Tsakiroglou ya sayar wa Noblee Thorl gyaɗar Sudan tan 300, za a kai ta Hambug ta ƙasar Jamus. A farkon Nuwamban shekarar aka rufe mashigin Suwes saboda yaƙi. Hanyar da ta rage ita ce a zagaye Afirka gaba ɗaya ta kudu, kuɗin jirgi kuma ya ninka. Mai gyaɗa ya ce ciniki ya rushe. Kotun ƙoli ta Ingila ta ce bai rushe ba: hanya ta yi nisa, ta yi tsada, amma akwai ta, kuma gyaɗa ba ta lalacewa don an ƙara mata makonni a teku. Idan rufe Suwes bai wanke mai gyaɗa ba, yaya karyewar gada ɗaya za ta wanke mai tirela alhali akwai hanyar zagaye ta kilomita ɗari? A nan gida ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan sahu a 2017, a shari'ar Globe Spinning Mills da Reliance Textile. Masaƙar da ta yi alkawarin sayen zare ta janye, ta kafa hujja da cewa kayan fasa-ƙwauri sun cika kasuwa sun kashe mata ciniki. Kotu ta ƙi karɓa, domin duk mai sana'ar yadi a ƙasar nan ya san da fasa-ƙwauri tun kafin ya sa hannu.

To amma a juya misalin kaɗan. A ce takardar cewa ta yi shanshera tan 600 daga gonar dillalin mai kadada 150 a wuri kaza, ruwa kuma ya cinye kadada 100. Yanzu yana da uzuri na gaske, kuma duk mai adalci zai tsaya masa. Kotunan Ingila sun yanke irin wannan tun 1876 a shari'ar Howell da Coupland, inda manomi ya sayar da dankali tan 200 na wata gona tasa takamaimai, cuta ta cinye amfanin, aka ce babu diyya a kansa kan abin da bai fito ba. Sai dai uzurin yana tsayawa daidai inda ruwa ya tsaya. Kadada 50 da suka tsira za su ba da kimanin tan 200, kuma waɗannan na mai inji ne a tsohon farashi. Kuɗinsu miliyan 80, a cire 72 da aka riga aka bayar, mai inji ya cika miliyan 8, a rabu lafiya. Abin da ake yi a zahiri fa? Dillali ya ɗauki hoton kadada 100 da ke ƙarƙashin ruwa ya aika ta waya, ya girbe sauran 50 a ɓoye ya kai kasuwa a dubu 500, ya riƙe kafin alƙalami. Wannan sunansa sata, ko da lauya ya buga masa hatimi.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda duk ɗalibin da ya karanta Risala ya sani, wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya sai annoba irin ta fara ko ƙanƙara ta cinye sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗi gwargwadon ɓarnar, in ba ta kai sulusi ba shi zai ɗauka. Aunawa ake yi, ba a cewa komai ya tafi don wani abu ya tafi. Haka kuma a cinikin salam, inda ake biya yanzu a karɓi hatsi daga baya, kayan yana kan wuyan mai sayarwa ne da siffarsa da awonsa, ba a rataye shi a kan gona ɗaya, don kada lalacewar gonar ta tafi da haƙƙin mai kuɗi. Saboda haka wanda ya guje wa kotun boko yana tunanin zai sami sassauci gaban alƙalin shari'a, zai tarar da tambaya ɗaya tana jiransa a can ma.

Akwai wata tambaya da masu wasiƙar nan suka fi tsoro: da ba a yi ambaliyar ba, da ka cika? A Nuwamban 2015 wata madatsar tarkacen ma'adinai ta fashe a Brazil, ta tsayar da haƙar tama a mahaƙar Samarco. Kamfanin Limbungan na Malesiya, wanda ya yi alkawarin samar wa jiragen Classic Maritime lodin tama, ya ce ga uzurinsa, kuma yarjejeniyarsu ta ambaci ambaliya da haɗari a mahaƙa. Da aka bincika sai aka ga tun kafin fashewar ya riga ya tsallake lodi biyu, saboda kasuwar ƙarfe ta faɗi, ba ya buƙatar kayan. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce tunda ko madatsar ba ta fashe ba ba zai yi lodin ba, ba ita ta hana shi ba, aka ɗora masa diyyar kusan dala miliyan 20. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma alƙalanmu suna duba shi, kuma hankali yana tare da shi.

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a riƙa yi wa 'yan kwangilar hanya da kwalbati. An ba mutum aiki a Janairu, ya karɓi kuɗin fara aiki, ya bar rani ya wuce bai kai ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba, sai Agusta ya kawo katafila guda ya ajiye a bakin rafi. Ruwa ya zo, ya rubuta cewa damina ta hana shi. Damina baƙuwa ce? Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama tun farkon shekara, hukumar NIHSA tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Hanyar Abuja zuwa Lokoja ta nutse a 2012, ta sake nutsewa a 2022. Mai jigilar da ya sa hannu bayan haka, ya yi alkawarin wucewa ta Koton Karfe a Oktoba ba tare da tanadin wata hanya ba, da wace fuska zai ce abin ya zo masa ba zato? Gaskiya ne in sharaɗi ya ambaci ambaliya ƙarara, sanin cewa tana iya zuwa bai isa shi kaɗai ya soke uzurin ba. Amma wanda ya sani bai yi tanadi ba, ya tara buhuna a ƙasan sito a unguwar da ruwa ke shiga duk shekara, sakacinsa ne ya yi ɓarnar, kuma nauyin tabbatar da akasin haka yana kansa, domin mai kawo uzuri shi ke kawo hujja.

Ba ina cewa babu ambaliyar da ke wanke mutum ba. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri har Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Ɗan kasuwar da aka ba ajiyar kaya takamaimai a shagonsa, ko mai ɗab'in da injinansa suka kwana a ruwa, babu mai hankalin da zai ce masa ya kawo aiki ran Juma'a. Abin takaicin shi ne irin waɗannan mutane, masu uzuri na gaskiya, su ne suka fi rasa kariyar, don ba su san da maganar sanarwa ba. Kwana 7 ɗin nan na misalinmu ba ado ba ne. A wasu yarjejeniyoyin an rubuta cewa wanda bai sanar cikin wa'adi ba ya rasa uzurin gaba ɗaya, a wasu kuma zai biya asarar da jinkirinsa ya jawo. Dalilin a fili yake. Da dillalinmu ya yi magana a makon farko, da mai inji ya sayi shinkafa tun tana dubu 430. Manyan kamfanoni sun san haka sarai. A Oktoban 2022, da ambaliya ta tsayar da masu ba shi iskar gas, kamfanin NLNG bai jira ruwa ya janye ba, nan da nan ya sanar da abokan cinikinsa. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa yana can yana kwashe laka, yana ganin ai kowa ya gani a talabijin. Labarin talabijin ba sanarwa ba ce. A rubuta ranar da abin ya faru, abin da ya lalace, sashen alkawarin da ya tsaya, da lokacin da ake sa ran ci gaba, a haɗa da hotuna, a ajiye shaidar an karɓa.

Yajin aiki ya fi ambaliya santsi, domin ruwa ba ya zama teburin sulhu, ma'aikata kuwa suna zama. Tambayar farko ita ce yajin na wane ne. Ranar 3 ga Yunin 2024, da ƙungiyoyin NLC da TUC suka kashe babban layin wutar ƙasa suka rufe filayen jiragen sama, babu ɗan kasuwar da ke da iko a kai. In takardarsa ta ambaci yajin aiki, yana da uzurin kwanakin da abin ya ɗauka, kwana biyu, ba wata biyu ba. Amma mai masana'antar da ya riƙe albashin leburorinsa wata uku har suka ajiye aiki, sannan ya rubuta wa abokin cinikinsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, wannan rainin hankali ne. Shi ya kunna wutar. An yanke irin wannan a Ingila a 1984: kamfanin B&S Contracts ya karɓi aikin kafa rumfunan baje koli, ma'aikatansa suka ce ba za su taɓa aiki ba sai an biya su kuɗin sallama, shi kuma ya matsa wa mai bikin ya ba shi fam 4,500 ko a fasa. Kotu ta ce biyan ma'aikatan bai fi ƙarfinsa ba, don haka sharaɗin yajin aiki bai kare shi ba, kuɗin da ya tatsa kuma na tilas ne, ba halalinsa ba. Shi ya sa takardar kwangilar gine-gine ta FIDIC, wadda ake yawan amfani da ita a manyan ayyuka, ta ware yajin ma'aikatan ɗan kwangila da na 'yan kwangilar da ke ƙarƙashinsa daga cikin uzuri. Wanda ya sa hannu a takardar da ta ce "yajin aiki" kurum, ba ta fayyace na wa ba, ya bar wa abokin cinikinsa ƙofa a buɗe.

Ko da uzurin ya tabbata ta kowace fuska, abin da ya saba bayarwa lokaci ne. Yana ɗage wa'adi, yana hana a ci mutum tarar jinkiri, in abin ya daɗe ya ba da damar rabuwa. Ba ya mayar da kuɗin wani ya zama naka. Kayan da ba a kawo ba, kuɗinsu komawa yake yi, sai dai in an rubuta wani abu dabam, ko a cire abin da aka riga aka yi na aiki. Kuma da wuya ya dakatar da biyan bashi: wanda ya karɓi kaya ya sayar, ambaliyar da ta ci wani shagonsa ba ta goge abin da ake bin sa ba. Mai kaya zai iya yi masa rangwame don zumunci da tsoron Allah, kuma ya kyautu ya yi, amma alheri ne, ba a karɓarsa da gadara.

Sauran fushina na ajiye wa masu rubuta takardun ne. Ku karɓi yarjejeniyar da wasu kamfanoni ke raba wa manoma lokacin ba da iri da taki bashi, ku nemi wanda zai karanta muku sakin layi na kusa da ƙarshe, mai ƙananan haruffa. Sau da yawa za ku tarar kamfani ya jera wa kansa uzuri har da lalacewar inji, ɗaukewar wuta, ƙarancin man dizal da canjin manufar gwamnati, abubuwan da kowane mai masana'anta ke fama da su kullum, sannan ya rufe da "da duk wani abin da ya fi ƙarfin kamfani". Kamfani kaɗai. Manomin da gonarsa ke bakin kogi, wanda shi ne ruwa zai fara ci, ba a ambace shi ba. An rubuta da Turanci, an karanta masa rabi da Hausa, ya dangwala yatsa. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da ke zama a ɗauki hoto ranar sa hannu, aikinsu ne su tsaya sai an gyara wannan sakin layi: uzurin ya hau kan kowa, a ambaci gonar da girmanta, a faɗi wanda zai je ya auna ɓarna da cikin kwana nawa, a rubuta ko bashin taki zai koma baɗi ko inshora ce za ta biya, kuma a yarda sanarwa ta saƙon waya da Hausa ta wadatar. In kamfani ya ce ba a taɓa masa takarda, to a tambaye shi dalilin da ya sa ɗaukewar wuta a Kano ta zama abin ba-zata a wurinsa, cikar kogin Haɗeja kuwa ta zama laifin manomi.